Nasiha Ga Ɗaliban Lissafi: Ɗigo Biyar, Layi Goma, Da Hujjar Da Ta Fi Gwaji

 Kafin ku ci gaba da karanta wannan, ku nemi takarda da fensir. Ku ɗiga ɗigo biyar a duk inda kuka ga dama, ku sa musu lamba daga 1 zuwa 5. Sai ku haɗa kowane ɗigo da sauran huɗun, kowanne da layinsa. Layi yana iya lanƙwashewa, yana iya zagayawa ta gefen takarda, yana iya yin tsawon da kuke so. Sharaɗi ɗaya ne kawai: kada layi biyu su gitta juna, kuma kada layi ya bi ta kan ɗigon da ba nasa ba.

Idan kun yi dabara za ku ja layi tara lafiya lau. Na goma ne zai ƙi. Ku goge ku sake, ku sauya wa ɗige-ɗigen wuri, nan dai za ku sake tsayawa. To a nan mai hankali yake yi wa kansa tambaya: shin ni ne na kasa, ko kuwa abin ne ba ya yiwuwa? Nasihata gaba ɗaya a kan wannan tambaya take. Kasawarku ba hujja ba ce, ko da kun cika littafi da zane, domin hanyoyin da za a iya lanƙwasa layi ba su da iyaka, kuma ba wanda zai gwada su duka. Abin da zai rufe maganar shi ne ƙidaya, kuma ita nake son ku iya yi da hannunku.

Bari mu fara da sunayen abubuwa. Tarin ɗige-ɗige da layukan da suka haɗa su shi ake kira giraf a wannan fanni, kuma ba shi ne giraf ɗin da kuke zanawa da x da y ba. A nan ba ruwanmu da tsawon layi ko girman kusurwa. Abin lura kawai shi ne wane ɗigo ne yake haɗe da wane. Idan ana iya zana giraf a kan takarda ba tare da layukansa sun gitta juna ba, sai mu ce yana shimfiɗuwa. Giraf ɗin da kowane ɗigonsa yake haɗe da duk sauran ana rubuta shi da harafin K da yawan ɗigonsa, saboda haka namu na ɗigo biyar sunansa K5.

Abu na farko da zan ja hankalinku a kai: kada ku yanke wa giraf hukunci daga zane ɗaya. Ku zana murabba'i, ku ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Kun sami K4, ɗigo huɗu da layi shida, kuma layi biyun tsakiya sun gitta juna. Mai gaggawa zai ce wannan ba ya shimfiɗuwa. Amma ku goge ɗaya daga cikin biyun, ku sake jan sa ta waje, ya zagaye murabba'in. Ba abin da ya sauya game da wa ke haɗe da wa, gittawar kuma ta tafi. Ashe laifin na zanen ne, ba na giraf ɗin ba. Zane ɗaya mai kyau ya isa ya tabbatar cewa giraf yana shimfiɗuwa, amma munanan zane dubu ba su isa su tabbatar cewa ba ya shimfiɗuwa ba.

Da zarar an zana giraf ba gittawa, layukansa suna yanka takarda zuwa filaye. Fili shi ne yankin da za ka iya yawo da bakin fensir a cikinsa ba tare da ka tsallake layi ba. Alwatika tana da fili biyu: na ciki, da kuma na waje wanda ya kewaye ta. Wannan na wajen shi ne wanda ɗalibai suka fi mantawa. Ku sa shi cikin ƙidaya kullum, domin fili ne kamar kowane fili.

A littattafai ana rubuta V a madadin yawan ɗigo, E a madadin yawan layi, F a madadin yawan fili. A alwatika V = 3, E = 3, F = 2. Ku ɗebe layi daga ɗigo ku ƙara fili: 3 − 3 + 2 = 2. A K4 da muka gyara akwai fili uku a ciki da ɗaya a waje, sai ya zama 4 − 6 + 4 = 2. Ku zana duk abin da kuke so, muddin a haɗe yake kuma ba gittawa, amsar ba za ta sauya ba:

V − E + F = 2

Wannan ita ce ƙa'idar Euler. Leonhard Euler, mutumin Basel ta ƙasar Switzaland, ya ambace ta a wasiƙar da ya aika wa Christian Goldbach a shekarar 1750. Ba kan zanen takarda yake magana ba a lokacin, kan jikkuna masu fuskoki ne, irin su akwati: kusurwa 8, gefe 12, fuska 6, kuma 8 − 12 + 6 = 2. Augustin Cauchy na Faransa ne, a aikin da aka buga a 1813, ya bi ta hanyar cire fuska ɗaya daga jikin a baje sauran a kan shimfiɗa. Idan aka yi wa akwati haka, sai a ga ƙaramin murabba'i a cikin babba, kusurwoyinsu a haɗe da layi huɗu. Fuskar da aka cire ba ta ɓace ba. Ita ce ta zama filin waje, kuma dalilin da ya sa ba a barin sa ke nan.

Abu na biyu: kada ku haddace wannan ƙa'ida ba tare da kun san dalilinta ba, domin dalilin ne zai gaya muku inda take aiki da inda ba ta yi. Dabarar ita ce a riƙa rage giraf ɗin kaɗan-kaɗan ta hanyar da ba za ta taɓa jimlar V − E + F ba, har a kai ga abin da kowa zai iya ƙirgawa.

Ku nemi zagaye a cikin zanen, wato jerin layuka da za ka bi daga wani ɗigo ka dawo gare shi ba tare da ka maimaita ɗigo ba. Zagaye yana raba takarda gida biyu, ciki da waje, saboda haka kowane layi da ke kansa yana da fili dabam a kowane gefensa. Ku goge layi ɗaya daga zagayen. Kamar an cire shinge ne tsakanin gona biyu: shinge ya ragu da ɗaya, gonakin biyu sun zama ɗaya. Wato E ya ragu da ɗaya, F ma ya ragu da ɗaya, kuma tunda ɗaya ɗebe shi ake yi ɗayan kuma ƙara shi ake yi, jimlar tana nan yadda take. Giraf ɗin kuma bai rabu ba, domin ɗigo biyun da layin ya haɗa suna iya kaiwa ga juna ta ragowar zagayen.

Ku ci gaba har zagaye ya ƙare. Abin da ya rage shi ake kira bishiya: a haɗe take, ba ta da zagaye, kuma fili ɗaya ne tak ya kewaye ta. Duk bishiyar da ta wuce ɗigo ɗaya tana da ganye, wato ɗigon da layi ɗaya kaɗai ya taɓa. Ku goge ganyen tare da layinsa. V ya ragu da ɗaya, E ya ragu da ɗaya, jimlar ba ta motsa ba. A ƙarshe ɗigo ɗaya zai rage, ba layi, fili ɗaya: 1 − 0 + 1 = 2. Tunda ba matakin da ya sauya jimlar, to tun farko ma 2 ce.

Ku gwada a kan K4 ku gani da idonku. Kun fara da ɗigo 4, layi 6, fili 4. Kun goge layi uku ɗaya bayan ɗaya, kowanne daga zagaye: layi 5 fili 3, layi 4 fili 2, layi 3 fili 1. Yanzu bishiya ce mai ɗigo 4 da layi 3. Ku tsinke ganye uku, sai ɗigo ɗaya ya rage. A kowane mataki ku lissafa, za ku tarar da 2.

Wanda ya bi wannan hujja ya san cewa haɗuwar giraf sharaɗi ne. Ku zana alwatika biyu nesa da juna: ɗigo 6, layi 6, fili 3, jimla 3 ba 2 ba, domin ragewar za ta ƙare da ɗigo biyu ne maimakon ɗaya. Saboda haka idan kun ƙirga kun sami 3, ku duba ko zanen ya rabu biyu. Idan kun sami 1, kusan kullum filin waje kuka manta. Idan kuma akwai gittawa a zanen, ku dakata da ƙidayar fili gaba ɗaya, domin ƙa'idar ba ta yi muku alkawarin komai ba a kan irin wannan zane.

Ƙa'idar Euler ita kaɗai ba ta hana K5 shimfiɗuwa ba. Tana buƙatar ƙidaya ta biyu, wadda ta danganta fili da layi. Ku shiga kowane fili ku zagaya bakinsa kuna ƙirga layukan da kuka bi. Fili ba zai yiwu da layi ɗaya ba, sai in layin ya tashi daga ɗigo ya koma gare shi. Ba zai yiwu da layi biyu ba, sai in layi biyu sun haɗa ɗigo biyu guda. A giraf irin namu, wanda yake a haɗe kuma ɗigonsa ya kai uku, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, saboda haka kowane fili yana buƙatar aƙalla layi uku. Idan aka tara ƙidayar dukkan filaye, ba za ta gaza 3F ba.

Yanzu ku dubi wannan jimlar ta ɓangaren layuka. Kowane layi gefe biyu gare shi, saboda haka sau biyu aka ƙirga shi, ba ƙari ba ragi. Ko layin da fili ɗaya ya kewaye ta gefe biyun, kamar reshen bishiya, sau biyu mai zagayawa zai bi shi, tafiya da dawowa. Jimlar ke nan daidai take da 2E. Abu ɗaya muka ƙirga ta hanya biyu, sai ya ba mu:

3F ≤ 2E

To ga K5. Ɗigo biyar ne, kowanne da layi huɗu. 5 sau 4 ashirin ke nan, amma kowane layi an ƙirga shi a bakinsa biyu, sai a raba biyu: E = 10. Mu ƙaddara cewa wani gwani ya zana shi ba gittawa. Ba mu san yadda zanensa yake ba, kuma ba ma buƙatar sani. K5 a haɗe yake, saboda haka ƙa'idar Euler ta hau kansa: 5 − 10 + F = 2, wato F = 7. Fili bakwai, kowanne da aƙalla layi uku, suna buƙatar gefen layi 21. Layi goma kuwa gefe 20 kaɗai gare su. 21 ba zai shiga cikin 20 ba. Tunda ƙaddarawar ta kai mu ga abin da ba zai yiwu ba, to ita ce ƙarya: babu wannan zane, kuma ba za a taɓa samun sa ba.

Ku lura da yadda kalmar ƙaddarawa take ɗauke da hujjar. Wanda ya rubuta a takardar jarrabawa cewa K5 yana da fili bakwai ya yi kuskure, domin K5 ba shi da zanen da za a ƙirga filayensa. Daidai shi ne a ce: da yana shimfiɗuwa, da filayensa bakwai ne.

Ana iya haɗa ƙidayar biyu wuri guda don a huta da neman F kowane lokaci. Daga ƙa'idar Euler, F = 2 − V + E. A sa shi cikin 3F ≤ 2E, sai a sami 6 − 3V + 3E ≤ 2E, wato:

E ≤ 3V − 6

Ga ɗigo biyar, iyakar ita ce 15 − 6 = 9. Shi ya sa fensirinku ya tsaya a layi na tara. Ga yadda taran suke samuwa. Ku zana babbar alwatika da ɗigo 1, 2, 3. Ku sa ɗigo 4 a tsakiya ku haɗa shi da ukun, layi shida ke nan. Ku sa ɗigo 5 a cikin filin da 1, 2 da 4 suka kewaye, ku haɗa shi da su, layi tara ke nan. Saura layin da zai haɗa 5 da 3, amma 5 yana cikin zagayen 1, 2, 4, shi kuwa 3 yana wajensa. Ku ƙirga: 5 − 9 + 6 = 2, filaye shida duk alwatika ne, 6 sau 3 ya ba da 18, daidai da 2 sau 9. Babu rarar ko gefe ɗaya. Sabon layi dole ya raba wani fili gida biyu, alwatika kuwa ɗigonta uku duk sun riga sun haɗu, ba abin da ya rage a ja a cikinta.

Wannan sakamako yana warware wata tsohuwar wasa-ƙwaƙwalwa da ake danganta wa August Möbius, malamin jami'ar Leipzig a Jamus, wajen 1840. Wani sarki ne ya bar wasiyya a raba ƙasarsa tsakanin 'ya'yansa biyar, da sharaɗin kowane kaso ya yi iyaka da sauran huɗun, iyaka mai tsawo ba haɗuwa a ɗigo ɗaya ba. Idan kowane kaso dunƙule yake wuri guda, sai a sa gari ɗaya a cikin kowanne, a ja hanya daga gari zuwa gari ta kan iyakar da suka yi tarayya a kai. Ana iya jan waɗannan hanyoyi ba tare da sun gitta juna ba, wato da rabon ya yiwu da an zana K5. Ashe wasiyyar ba ta cikuwa.

Abu na uku, kuma a nan masu ƙoƙari ma suke zamewa: iyakar E ≤ 3V − 6 hanya ɗaya take tafiya. Giraf ɗin da ya wuce ta ba ya shimfiɗuwa, wannan tabbas ne. Amma wanda bai wuce ta ba, ba ta ce komai a kansa ba. Ga misali mafi sauƙi. Ku ɗauki K5 ku ɗiga sabon ɗigo a tsakiyar layi ɗaya. Yanzu V = 6, E = 11, iyakar kuma 12 ce. Ya tsallake gwajin, alhali siffarsa ba ta sauya ba. Da za a iya zana shi, da sai a goge sabon ɗigon a sami K5.

Misali na biyu shi ne na gida uku da ake son a kai wa kowannensu ruwa da wuta da gas daga tushe uku, ba tare da hanyoyin sun gitta juna ba. Ana rubuta shi K3,3: ɗigo 6, layi 9. Tara bai kai 12 ba, amma shi ma ba ya shimfiɗuwa. Wanda ya haddace iyakar kawai a nan zai tsaya. Wanda ya san daga ina lamba 3 ta fito zai koma ya tambaya: shin akwai alwatika a wannan giraf? Babu, domin gida ba ya haɗe da gida, tushe ba ya haɗe da tushe, saboda haka duk zagaye sai ya bi gida, tushe, gida, tushe. Kowane fili ke nan yana buƙatar aƙalla layi huɗu. Da yana shimfiɗuwa, da F = 2 − 6 + 9 = 5. Fili biyar sau huɗu 20 ne, layi tara kuwa gefe 18 gare su. Hujja ɗaya ce da ta K5, lamba ɗaya kaɗai aka sauya.

Waɗannan biyun ba misalai ne kawai cikin dubu ba. A 1930 Kazimierz Kuratowski na ƙasar Foland ya tabbatar cewa su ne tushen matsalar baki ɗaya: giraf yana ƙin shimfiɗuwa ne idan akwai K5 ko K3,3 a ɓoye cikinsa, ko dai yadda suke ko kuma an ɗiɗɗiga ƙarin ɗigo a kan layukansu, kuma in babu ko ɗaya daga cikinsu to yana shimfiɗuwa.

Abu na ƙarshe shi ne ku san a kan me kuke zane. Lamba 2 da ke cikin ƙa'idar ta takarda ce da ta bayan ƙwallo, su biyun hukuncinsu ɗaya, kamar yadda misalin akwati ya nuna. Amma a bayan tiyub ɗin taya, mai rami a tsakiya, ana iya zana zagayen da bai raba wurin gida biyu ba, kuma da wannan matakin farko na hujjarmu ya rushe. A can K5 yana zanuwa ba gittawa, har K7 ma yana zanuwa. A kan shimfiɗa kuwa, mafi kyawun abin da za a yi wa K5 shi ne gittawa ɗaya, kamar a zanenmu na layi tara idan aka bar layin 5 zuwa 3 ya tsallake layin 1 zuwa 4. Masu tsara allon kayan lantarki suna fama da wannan a aikace. Idan hanyoyin tagulla duk a fuska ɗaya suke, kuma haɗin da ake so ba ya shimfiɗuwa, dole a sa guntuwar waya ta tsallake ta sama, ko a huda allon a bi ta ɗaya fuskar.

Saboda haka, ƙannena, duk lokacin da aka ba ku giraf aka ce ku faɗi ko yana shimfiɗuwa, ku bi wannan tsari. Ku ƙirga V da E a tsanake. Ku tabbatar a haɗe yake, kuma ba layin da ya koma kan ɗigonsa ko ya maimaita wani. Ku gwada shi da 3V − 6, in ba shi da alwatika ku gwada shi da 2V − 4. In ya wuce iyaka, magana ta ƙare. In bai wuce ba, aiki bai ƙare ba: ko ku kawo zane mai tsabta, ko ku nuna inda K5 ko K3,3 ya ɓuya.

Ga kuma aiki biyu na gida. Na farko, ku fitar da E ≤ 2V − 4 da kanku daga 4F ≤ 2E, kamar yadda muka fitar da 'yar'uwarta. Na biyu, ku nuna cewa duk giraf mai shimfiɗuwa irin wanda muka yi magana a kai yana da ɗigon da layukansa ba su wuce biyar ba. Ku ƙaddara cewa kowane ɗigo yana da shida ko fiye, ku tara layukan dukkan ɗige-ɗigen, ku kwatanta abin da kuka samu da 3V − 6. Kada ku nemi amsar a wurin kowa sai kun zauna da takarda kun yi iyakar ƙoƙarinku. Allah ya ba ku ilimi mai amfani.